Nominatim ko Google: wanne zai mayar min da adireshi zuwa lambobin taswira?

"Salam 'yan uwa. Ina da adireshin shaguna wajen 800 a Excel, duk a cikin Kano, muna kai musu kaya. Ina so su hau taswira a QGIS. Wani ya ce Google, wani ya ce Nominatim. Wanne ya fi, kuma waɗanda suka ƙi fitowa yaya zan yi da su?"

Wa'alaikumus salam Malam. Ɗauki Nominatim, kada ka wahalar da kanka.

Google dai ba a raina shi. Ya fi sanin sunayen shaguna, gidajen mai da asibitoci a garuruwanmu, wannan ba gardama. Amma sai ka buɗe asusu da katin banki, kuma ƙa'idarsa ta ce latitud da lonjitud ɗin da ya ba ka ba za su wuce kwana 30 a ajiye wurinka ba, sannan ba a ɗora su a kan taswirar da ba tasa ba. Kai kuwa ajiyewa kake son yi, a QGIS kuma. Magana ta ƙare ke nan.

Nominatim shi ne injin bincike na OpenStreetMap. Kyauta ne, abin da ya ba ka kana iya ajiye shi, ka dai ambaci OpenStreetMap a jikin taswirar. Sharaɗinsa shi ne kada ka wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa, kada kuma ka riƙa maimaita tambayar da ka riga ka sami amsarta. Adireshi 800 bai kai minti goma sha biyar ba. A QGIS daga 3.20 zuwa sama akwai shi a Processing Toolbox da sunan Batch Nominatim geocoder: ka mayar da Excel ɗinka CSV, ka nuna masa ginshiƙin adireshi. Kafin ka saki duka, gwada guda ɗaya a burauza don ka ga irin amsar da yake bayarwa:

```
https://nominatim.openstreetmap.org/search?q=Zoo+Road,+Kano&countrycodes=ng&format=jsonv2&limit=1
```

Abin da ya sa nake ƙaunarsa wani abu ne daban. Lokacin da muke aikin jerin kantunan magani, akwai wani layi da kantuna da dama ke kansa, duk sun ƙi fitowa. Da muka buɗe taswirar sai ga layin a zane sarai, suna ne kawai babu. Yaron da ke kai mana kaya a babur ɗan unguwar ne, ya tabbatar da sunan da ke jikin allon bakin layin, muka shiga OpenStreetMap muka saka. Da muka sake turawa, kantunan nan suka hau layinsu, kuma duk wanda ya nemi layin bayanmu zai same shi. Taswirar da za ka gyara da hannunka ka ga gyaran ya yi aiki, ni ita ce tawa.

To, ga inda aikin yake. Ko wanne ka ɗauka, kaso mai yawa na jerinka ba zai fito daidai ba, domin adireshinmu kwatance ne aka rubuta don mutum. Injin kuwa lambar gida yake nema, da sunan titi, da gari. Ɗauki irin wannan, na san akwai 'yan uwansa da yawa a jerinka:

```
No. 14 Layin Mai Unguwa, bayan masallacin Juma'a, U/Uku, Kano
```

Mai babur zai kai kaya nan ba tare da ya kira waya ba. Nominatim kuwa yana ƙoƙarin daidaita duk kalmomin da ka ba shi da abin da ke rumbunsa, saboda haka "bayan masallacin Juma'a" kaɗai ta isa ta sa ya dawo hannu rabbana. Kada ka goge kwatancen, ka ɗauke shi zuwa ginshiƙinsa, zai yi amfani nan gaba. Ka raba adireshin gida huɗu: lamba da titi, kwatance, unguwa, gari. Sai ka daidaita rubutun unguwanni. U/Uku ta koma Unguwa Uku, T/Wada ta koma Tudun Wada, S/Gari ta koma Sabon Gari, R/Zaki ta koma Rijiyar Zaki. Wani ya rubuta Ungwan, wani Angwan, wani Unguwar, ka zaɓi ɗaya. Sunayen da ke da ƙ ko ɗ kuma, irin su Ɗorayi da Ƙofar Ruwa, gwada su da lanƙwasa da kuma babu. Wannan sharar ita ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi kowane mataki ƙara yawan waɗanda za su fito.

Daga nan sai ka tura mataki-mataki. Zagaye na farko titi da unguwa da gari. Waɗanda suka faɗi, ka sake tura su da wani sanannen wuri daga cikin kwatancen, in yana da suna na kansa, kamar kasuwa ko asibiti ko makaranta. "Masallacin Juma'a" ba suna ba ne, kowace unguwa da nata. Waɗanda suka sake faɗuwa, unguwa da gari kawai. Adireshinmu na sama mai yiwuwa sai a zagaye na uku zai fito, a matsayin tsakiyar Unguwa Uku. Ba laifi, muddin ka buɗe ginshiƙi ka rubuta matakin da kowane layi ya fito a kai: 1 ƙofar shago, 2 titi, 3 kusa da sanannen wuri, 4 unguwa, 0 bai fito ba. In za ka raba wa masu kai kaya shiyyoyi ne, mataki na 4 ya wadatar. In kuwa so kake direba ya bi waya har ƙofa, sai na 1, domin titi kamar Zaria Road yana da tsawon kilomitoci, ɗigon da aka ba ka kuma wuri ɗaya ne a kansa.

Waɗanda suka dawo babu komai ma ba su ne abin tsoro ba, ai kana ganinsu. Abin tsoro waɗanda suka fito da lambobi masu kyan gani alhali ba nan ba ne. Iri uku na fi gamuwa da su.

Na farko, tsakiyar gari. Injin ya kasa gane titin, ya gane "Kano" kawai, ya ba ka ɗigon birnin. A taswira za ka ga ɗigo ɗaya, ashe shaguna hamsin ne a kan juna. Google ya fi yin haka, domin ya fi son ya ba da amsa ko ta kusa ce, sai dai yana faɗa maka: `location_type` zai nuna `APPROXIMATE`, wani lokaci da `partial_match`. A Nominatim ka duba `display_name` da `type`, in ta burauza ne kuma `place_rank`: 30 gini ne ko shago, 26 da 27 titi, 16 birni ne sukutum. Hanya mafi sauƙi ta kama su ita ce ka ƙirga layukan da lambobinsu suka zo iri ɗaya. In latitud na ginshiƙin E, lonjitud na F:

```
=COUNTIFS(E:E,E2,F:F,F2)
```

Duk inda ka ga adadi mai yawa, buɗe ka duba.

Na biyu, takwara. Akwai Sabon Gari a Kano, akwai a Zariya. Tudun Wada akwai unguwa a cikin birnin Kano, akwai ƙaramar hukuma mai wannan suna can kudancin jihar, ga ta Kaduna, ga ta Zariya, ga ta Jos. Nasarawa ta Kano kuma tana iya kai ka jihar Nasarawa. Rubuta `countrycodes=ng` ba ya maganin wannan tunda duk a Najeriya suke. Maganinsa ka zana wa binciken iyaka. Birnin Kano yana wajen latitud 12.0, lonjitud 8.5, saboda haka duk abin da ya fita daga 11.85 zuwa 12.15 a latitud, ko 8.35 zuwa 8.70 a lonjitud, ka ware shi gefe. Zariya tana wajen 11.1 da 7.7, da ka jera ginshiƙin daga ƙarami zuwa babba za ta fito fili. 

Na uku ba laifin injin ba ne, wajen shigar da CSV ake yinsa. X lonjitud ne, Y latitud. In aka juya su, Kano za ta koma latitud 8.5, lonjitud 12.0, wato wajen Ganye a jihar Adamawa. Da yake har yanzu cikin Najeriya ne, mutum na iya daɗewa bai lura ba. In kuma aka cike guraben da babu komai da sifili, ɗigon zai faɗa teku kudu da Ghana, inda 0 da 0 suka haɗu. Bar gurbin da babu komai a yadda yake.

Ragowar da suka ƙi, da na mataki na 4 da kake buƙatar ƙofarsu, kada ka yi ta sauya musu rubutu kana sake turawa. Abin da babu shi a rumbun ba zai fito ba ko ka kwana kana yi. Kana da abin da ya fi injin: masu kai kayanka suna zuwa ƙofar shagunan nan kowane mako. Ka ba kowane shago lamba tasa wadda ba ta canzawa, ka sa musu fom mai tambaya biyu a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya, lambar shago da wurin da ake tsaye. Yana aiki ko babu data, ya tura daga baya. Su tsaya a waje bakin ƙofa, ba cikin shago ƙarƙashin kwano ba, su jira kuskuren da wayar ke nunawa ya sauko ƙasa da mita 10. Wanda ke nesa kuma, mai shagon ya turo wurinsa ta WhatsApp yana tsaye a shagon. Ka jaddada masa wannan, don wasu daga gida suke turowa da daddare. Lambobi biyar bayan ɗigo sun isa, wajen mita ɗaya ke nan. Duk wanda aka ɗauko da ƙafa ya zama mataki na 1, kuma kada wani zagaye na gaba ya rubuta a kansa.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Akwai masu karɓar irin wannan aiki su ce za su fitar maka da duka, ɗari bisa ɗari, a kwana ɗaya. Adireshin Kano ba ya fitowa haka daga kan kujera. Abin da suke yi shi ne su cike waɗanda suka faɗi da tsakiyar unguwa, masu wayon ciki har su ɗan warwatsa ɗigon don kada ƙirgar da na nuna maka ta kama su. Kafin ka biya, ka ce a ba ka ginshiƙin mataki da sunan wurin da injin ya dawo da shi a kowane layi, sannan ka zaɓi shaguna ashirin da ka san ƙofarsu da idonka ka duba inda aka ajiye su. Masu sayar da mabuɗin amfani da injin Google, wato API key, a arha su ma ka guje su, asusun wani ne, ranar da aka rufe shi aikinka ya tsaya.

Ka fara da layi hamsin na farko, ka turo mana ginshiƙin unguwa da `display_name` kawai, ban da sunayen mutane da lambobin wayarsu, mu ga irin gyaran da jerin naka yake buƙata.