Na gwada masu bayanin takardar gurbin karatu da Hausa

Akwai wani ƙaramin ofishi a Kano da ake tura wa hoton takardar Turanci ta WhatsApp, a biya ɗan kuɗi, su mayar da bayaninta da Hausa ta saƙon murya. Ƙanwata ta tura musu wasiƙar da wata jami'a a Ingila ta aiko mata kan digiri na biyu, domin Baba ya ce sai ya ji abin da ke ciki da kunnensa kafin a taɓa ko sisi.

Hoton farko sun ƙi karɓa. Daga fuskar kwamfuta ta ɗauka, haske ya cinye layukan ƙasa, shafi na biyu kuma babu. Wannan ya burge ni, don a shafi na biyun ne sharuɗɗan suke.

Malamin da ya yi bayanin bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce, "Hajiya, ba a gama ɗaukar ki ba tukuna." A saman takardar an rubuta Conditional Offer, wato an ajiye mata gurbi sai ta cika sharaɗi: ta ci 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.0 ba, ta kuma aika cikakken sakamakon digirinta na farko. Fam 2,000 da muke ta murna a kai a matsayin tallafi, ashe ragi ne daga kuɗin makaranta, ba wanda zai damƙa mata su a hannu.

Inda ya fi amfanar mu shi ne maganar biza. Da wannan wasiƙa ba a neman biza. Sai ta cika sharuɗɗan, ta biya kafin alƙalamin da jami'ar ta nema, sannan a ba ta lambar CAS, wato shaidar jami'ar ta ɗauke ta da ake neman biza da ita, wadda ke aiki wata 6 kacal. Ya ƙara da abin da wasiƙar ba ta faɗa ba: kuɗin da za a nuna wajen neman biza sai sun kwana 28 a jere a asusu ba su yi ƙasa da adadin ba, kuma mai neman daga Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi. Nan Baba ya ɗage batun sayar da filinsa.

Ƙorafina uku. Sakin layin da ya yi maganar mayar da kafin alƙalami idan an hana biza, a gurguje ya wuce shi, alhali nan kuɗinmu yake. Sai da muka sake tambaya. Sannan murya kawai suke turowa, ranar rufe karɓar takardu sai ka yi ta komawa baya kana laluben ta. Ba sa kuma tantance ko wasiƙar ta gaskiya ce. Mu muka duba cewa adireshin da ya aiko ta ya ƙare da .ac.uk, muka kuma ga tayin a shafinta na jami'ar.