Ƙunar dutsen guga: shadda daban, hijabin roba daban

"Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Dutsen guga ya ƙona min farar shaddar maigida a kafaɗa, wurin yayi ja-ja, sannan hijabin islamiyyar yarinyata shima wajen ya koma sheƙi. Magani ɗaya zan musu ko yaya?"

Wa alaikumussalam 'yar uwa, sannu, Allah ya kiyaye gaba. A'a kam, kar ki haɗa su.

Ita shadda in mai kyau ce auduga ce zalla, kuma auduga bata narkewa, babbakewa take daga sama kamar yadda takarda ke yin ja in an kara ta a wuta. In jan bai yi duhu ba to saman zaren ne kawai ya taɓu, ana iya fitar dashi. Shi kuwa hijabin yara yawanci foliyesta ne, wato yadin roba, ɗan uwan leda ne, wannan sheƙin ba datti bane balle ki ce sabulu zai ɗauke, zaren ne ya kwanta ko ya fara narkewa. In kina kokwanto ki zaro zare ta cikin ɗinki ki kusanta shi da ashana, na auduga zai ci wuta da warin takarda ya bar toka mai laushi, na roba zai nannaɗe ya zama ɗan ƙulli mai tauri.

Farar shadda dai na taɓa yi da hannuna a nan Pantami, ranar juma'a ma, an kawo wuta ina sauri na bar dutsen ya ɗau zafi sosai, sai ga shatin hancinsa a gaban aljihu. Nan take na jiƙa wurin da ruwan sanyi na ɗan murza da omo, ya rage amma da saura. Sai na aika kemis aka sayo min haidirojin, ruwan nan da ake wanke ciwo dashi yana kumfa. Ki duba jikin kwalbar, in 3% ne ki sa shi haka, in 6% ne ki sirka da ruwa daidai da daidai. Na jiƙa farin ƙyalle dashi na shimfiɗa kan ƙunar, na ɗora busasshen farin ƙyalle a kai, na riƙa danna dutse mai ɗumi-ɗumi, kar ƙarfen ya taɓa jiƙaƙƙen kai tsaye. Sai a zagaye na uku jan ya tafi, na ɗauraye sosai na shanya a rana. In babu haidirojin ki matsa lemun tsami ki barbaɗa gishiri ki baza a rana kamar awa ɗaya, ranar Gombe ai ta isa, kiyi sau biyu ko uku. Abu ɗaya, wurin da ya jiƙe zai rasa ƙyallinsa, don haka na wanke rigar gaba ɗaya aka sa sitati aka kai wa masu bugu. Wannan duk na farin kaya ne fa, atamfa ko shadda mai kala haidirojin da lemun tsami suna iya cin kalar, sai dai farin ruwan kal, shima ki fara gwadawa ta ciki. In kuma wurin yayi baƙi ko kin ja shi kin ji yana neman yagewa, to ya ƙone har ciki.

Hijabin kuma ki fara shafa wurin da yatsa. In yana nan da laushi kamar sauran jikin, sheƙi ne kawai, akwai rabo. Ki haɗa ruwan kal da ruwa daidai da daidai, ki jiƙa ƙyallen auduga ki matse ki shimfiɗa a kai, ki rage dutsen zuwa ɗigo ɗaya, wajen digiri 110 kenan, na auduga mai ɗigo uku yana kai 200 shi yasa aka samu matsala in dutse ɗaya kika bi su dashi a jere. Ki ɗora ki ɗaga, ba gogewa ba, tururin muke so ya ɗaga zaren, sannan ki bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi a hankali. Sheƙin zai ragu, ba lallai ya tafi duka ba.

In kin ji wurin yayi tauri ko ya tattare, wallahi kar ki ɓata kuɗinki, ya narke kuma baya dawowa. Bilic ma kar ki sa, farin roba ɗorawa yake komawa a cikinsa. Ki kai wa tela, in ta ƙasa ne ya rage tsawon, in ta tsakiya ne sai a yanka wa ƙanwarta ƙarami.

Kafin ki taɓa shaddar kuma ki duba ƙasan dutsen, in robar hijabin ta manne a jiki ki ɗumama shi kaɗan ki cire daga wuta ki goge da tsumman auduga, in ba haka ba farar rigar zai shafa wa.