Bitstream ko Linear PCM: dalilin da sifikun baya suke shiru

Tambaya: "Jama'a, na haɗa PS4 Slim da talabijin ta HDMI, na ja wayar Optical daga talabijin zuwa amfilifaya mai sifiku 5.1. Sifikun gaba biyu kawai ke magana, na baya shiru. A saitin sauti na ga Linear PCM da Bitstream. Wanne zan zaɓa?"

Ɗan'uwa, a irin haɗinka Bitstream (Dolby) za ka zaɓa, duk da cewa Linear PCM ya fi shi tsabtar sauti. Matsalar tana hanyar da sautin ke bi.

Linear PCM sauti ne a buɗe. Na'urar gem ce ke gama aikin, ta turo wa kowace sifika rabonta ba tare da an matse komai ba. Shi kuwa Bitstream, na'urar tana dunƙule sautin sifiku shidan wuri guda a tsarin Dolby Digital ko DTS, ta bar wa amfilifaya aikin kwancewa. Wajen dunƙulewar ana zubar da ɗan abin da kunne bai cika kamawa ba, shi ya sa yake da ƙaramin nauyi.

Ga lissafin. PCM mai layi biyu, wato na sifiku biyu, a 48 kHz da bit 16, yana cin kilobit 1,536 a daƙiƙa. Mai layi shida yana cin 4,608. Dolby Digital kuwa, da layukansa shida, ba ya wuce 640. Wayar Optical an tsara ta ne ta ɗauki PCM mai layi biyu, ko kuma dunƙulallen sauti da zai shige wannan gurbin. Ramin HDMI ARC na asali ma, wanda ke miƙa sauti daga talabijin zuwa amfilifaya, bai ɗaukar PCM fiye da layi biyu. To ka ga PCM mai layi shida ba shi da ƙofar wucewa, Dolby kuwa yana shigewa.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Da ka sa wayar HDMI, talabijin yana aiko wa PS4 bayanin abin da yake iya karɓa, wanda ake kira EDID. Talabijin da yawa suna cewa PCM mai layi biyu kawai suka sani, tunda sifikunsu biyu ne. PS4 ba ta ganin amfilifayar da ke bayan talabijin, sai ta haɗe sautin ya koma sitiriyo tun daga tushe. Abin da ya iso a layi biyu, talabijin ba zai mayar da shi shida ba.

Gyaran wuri biyu ne. A PS4 ka shiga Settings, sai Sound and Screen, sai Audio Output Settings, sai Audio Format (Priority), ka ɗora a kan Bitstream (Dolby). Daga nan ka koma saitin sautin talabijin ka nemo na Digital Audio Out, sunan yana ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan yana kan PCM, canza shi zuwa Pass Through, Auto ko Dolby Digital. Nan aka fi tuntuɓe, domin in ya zauna a PCM, talabijin zai kwance Dolby ɗin da kansa ya fitar da sitiriyo, aikin farko ya tashi a banza. Ka fara da Dolby kafin DTS, saboda talabijin da dama ba sa miƙa DTS, ciki har da na Samsung tun daga na 2018.

Sai ka kunna gem ka dubi fuskar amfilifaya. In ta nuna Dolby Digital, an dace. In PCM take nunawa, sitiriyo ne har yanzu, ko da sifikun baya na kaɗawa, domin tsarin Pro Logic II na cikin amfilifaya na iya baza sitiriyo zuwa duk sifiku. Idan ka yi duka biyun bai canza ba, talabijin ɗin na cikin waɗanda ba sa fitar da 5.1 na abin da ya shigo ta HDMI. Slim ba ta da ramin Optical nata, don haka mafita ita ce ƙaramar na'urar da ke ciro sauti daga HDMI zuwa Optical, ka sa ta tsakanin PS4 da talabijin, maɓallinta a kan 5.1.

Bitstream yana da tasa illar: dunƙulewa da kwancewa suna ɗaukar lokaci, wani lokaci sai ka ga harbi kafin ka ji ƙararsa. Saboda haka in amfilifayarka tana da ramin HDMI IN mai karɓar sauti, sa PS4 a jikinta kai tsaye, ka ja HDMI OUT zuwa talabijin, ka koma Linear PCM. Haka ma in talabijin da amfilifaya duka suna da eARC, ingantaccen ARC wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017, domin shi yana ɗaukar PCM har layi takwas, muddin talabijin ɗin na miƙa shi. Mai Nintendo Switch kuwa waɗannan hanyoyi biyun ne nasa, don PCM kaɗai take fitarwa, ta Optical sitiriyo zai ci gaba da ji.