2N7000, IRFZ44N ko CD4007: wanne za ka saya don gwajin lissafin ID?

Mai shago zai fi saurin miƙo maka IRFZ44N, domin shi masu gyaran inbata suka fi nema. Idan abin da kake so shi ne ka ajiye MOSFET a yankin ƙoshi, ka lissafa karan ɗin ƙafar D, wato ID, mita kuma ta nuna abin da ya yi kusa da lissafinka, bar masa kayansa. An ƙera shi don kunna manyan kaya da kashewa, har amfiya 49. A 'yan mA kaɗan yana aiki ne daf da VT, wato wutar da yake fara kunnawa a kanta, inda wannan doka ba ta cika kama shi ba:

```
ID = ½·k·(VGS − VT)²·(1 + λ·VDS)
VDS ≥ VGS − VT
```

2N7000 ya fi dacewa, yana da araha, yana ɗaukar 200 mA. Aibinsa shi ne takardar kamfani ta ce VT zai iya faɗawa ko'ina daga 0.8 zuwa 3 V. Idan an ba ka BS170 a madadinsa, kula: ƙafafun D da S sun yi musayar wuri.

Ni dai CD4007 nake zaɓa. MOSFET shida ne a gida ɗaya, karan ɗinsu ƙarami ne, zafi ba ya ɓata awo. Fara da wanda G ɗinsa ke ƙafa ta 6, D ta 8, S ta 7.

Ko wanne ka saya, λ, wato gwargwadon yadda ID ke ƙaruwa da VDS, sai ka auna da kanka. Riƙe VGS wuri ɗaya, karanta ID a VDS na 5 V da na 10 V, raba bambancin da 5, sannan da ID.

A ce awonka ya ba da k = 1 mA/V², VT = 1.5 V, λ = 0.02 V⁻¹. Wutarka 12 V, rizistar ƙafar D kuma RD = 2 kΩ, VGS = 3.5 V. Ba tare da λ ba, ID ya zama 2 mA, VDS kuma 8 V. Saka 8 ɗin a baka ta ƙarshe, ka sami 2.32 mA. To amma karan ya ƙaru, VDS ya sauka zuwa 7.36 V, sai a sake zagayawa. Yana tsayawa kusan 2.30 mA da 7.4 V, nesa da iyakar VGS − VT ta 2 V, wato ƙoshin ya tabbata.

Yanzu canza MOSFET ɗin da wani mai VT = 1 V. Tun kafin a taɓa λ, ID ya haura 3.1 mA. Shi ya sa nake haɗawa da rizista ta ƙafar S a cikin sayayyar: karan na ƙaruwa, VGS na raguwa da kansa. Abin da za ka rasa shi ne ɗan filin da VDS ke lilo a ciki.