Shafi biyun da darakta ya karanta: sharhina kan rahoton gwajin kutse da aka yi mana

Ni ke kula da kwamfutoci da manhajoji a wani kamfanin rarraba taki da shinkafa a nan Sakkwato. Muna da shafin intanet da dilolinmu na Illela, Wurno, Goronyo da Tambuwal ke shiga su duba rasit ɗinsu da bashin da ake bin su. Kafin kakar sayar da taki muka ɗauko wani kamfanin tsaro ya yi mana gwajin kutse, wato su yi ƙoƙarin shiga tsarinmu kamar yadda ɓarawon intanet zai yi, amma da izininmu. Sai da darakta ya sa hannu a takardar izini wadda ta fayyace abin da za su taɓa da ranakun aikin, domin a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne.

Rahoton ya zo da kauri. Galibinsa nawa ne ni da mai rubuta mana manhaja: hotunan allo, matakan da suka bi, da yadda za a gyara. Abin da nake son yin sharhi a kai shi ne shafi biyun farko, taƙaitaccen bayanin da aka rubuta wa darakta. Alhaji ɗan kasuwa ne tun tasowarsa, ya san taki ya san bashi, amma bai taɓa buɗe saba ba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet da bayanai. Kuma shi ke sakin kuɗin gyara. In shafi biyun nan ba su shige shi ba, sauran rahoton a durowa zai ƙare.

Ga abin da ya fi burge ni. Masu gwajin sun samo matsaloli goma sha huɗu, kowace da makinta na CVSS, ma'aunin munin rauni da ke tashi daga 0 zuwa 10. Daga 9.0 zuwa sama ana rubuta `Critical`, daga 4.0 zuwa 6.9 kuma `Medium`. Matsala ɗaya ce tak ta sami 9.8, kuma duk wanda ya bi maki zai ce ita ce ta farko. Su ba ita suka sa a gaba ba. Tana kan wata tsohuwar saba ta gwaji da ke zaune ita kaɗai, ba bayanan kowa a ciki, ba ta haɗe da ofis. Layi ɗaya suka ba ta: a kashe ta yau, ba sai an kashe kwabo ba. Wannan hukunci daidai ne, domin makin yana auna munin ramin ne, bai san abin da ke bayan ramin a kamfaninmu ba.

Abin da suka sa a gaba matsaloli biyu ne da ba su kai waccan maki ba. Ta farko, mai 6.5, tana shafin diloli. In dila ya buɗe rasit ɗinsa, adireshin saman allo yana ƙarewa da `invoice?id=1042`. In ya mayar da lambar `1043`, sai rasit ɗin wani dila ya fito, da sunansa, lambar wayarsa da adadin bashinsa. Dalili shi ne manhajar tana duba ko mutum ya shiga da kalmar sirri, amma ba ta duba ko rasit ɗin nasa ne. Wannan nau'in rauni, na rashin tsare iyakar abin da kowa zai gani, shi ne na ɗaya a jerin manyan raunukan manhajojin intanet da ƙungiyar tsaro ta OWASP ta fitar a 2021. Ta biyu kuwa, imel ɗin wani ma'aikacin sashen kuɗi da ya bar aiki yana nan a buɗe, da kalmar sirri mai sauƙin cinka, kuma ba mataki na biyu na lambar da ke shigowa waya.

A taƙaitaccen bayanin ba su kira ko ɗaya da sunanta na fasaha ba. Haɗa su suka yi wuri guda, suka ce: mutum mai asusun dila ɗaya zai iya sanin bashin kowane dila, sannan ya aika masa saƙo daga imel ɗin kamfani na gaske, da adadin kuɗin daidai, yana cewa an canza lambar asusun banki. Ba su aika wa dila ko ɗaya ba, ni suka turo wa saƙon gwaji don hujja. Da Alhaji ya kai nan sai ya ɗago ya ce, "Malam, kana nufin wanda muke bi miliyoyi zai biya ɓarawo, ya zo mana da shaidar biya?" Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Bai tambayi maki ba. Ya tambayi wa zai rufe imel ɗin, kuma yaushe.

Sun kuma ware abin da darakta kaɗai zai yanke daga abin da ni zan yi. Rufe asusu da kunna mataki na biyu aikina ne. Amma dakatar da shafin diloli har a gyara shi, ana dab da kakar sayar da taki, shawarar kasuwa ce. Haka ma kafa ƙa'idar cewa duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki sashen ma'aikata zai sanar da ni. Sun tuna masa cewa sunaye da lambobin wayar diloli bayanan mutane ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in aka gano ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

Inda ban gamsu ba, kuma ya dame ni ƙwarai, shi ne maganar iyakar gwajin. Shafin diloli, imel da abin da ake hangowa daga intanet kawai aka gwada. Ba a taɓa kwamfutocin sito ba, ba a gwada wayafayin ofis ba, ba a gwada yaudarar ma'aikata da kiran waya ba. Duk wannan yana can tsakiyar rahoton, inda darakta ba zai je ba. Shafin farko ya ce "sauran tsarin yana da kyau", kuma mai karatu zai ɗauka kamfanin gaba ɗaya ake nufi. Likitan da ya duba ido kawai bai kamata ya ce jiki lafiya lau ba. Sai da na nemi su ƙara layi biyu a sama: ga abin da aka duba, ga abin da ba a duba ba, kuma sakamakon na ranakun gwajin ne, sabon gyara a manhaja na iya buɗe sabon rami. Sun ƙara ba gardama, amma tun farko ya kamata ya zo haka.

Na biyu, ba su kiyasta nauyin gyara ba. Ko da "awanni", "makonni" ko "sai an sake rubuta sashen" suka rubuta a gaban kowace matsala, da ya taimaki mai ware kuɗi. Sannan sake gwaji bayan gyara ba ya cikin kuɗin da muka biya, kuma ba shi da makawa: a gyaran farko mai manhajarmu ya toshe shafin rasit, amma maɓallin sauke PDF yana nan yana ba da rasit ɗin kowa, sai a gwaji na biyu aka kama shi.

Zan sake ba su aiki, da sharaɗi biyu a rubuce: a sa sake gwaji cikin kwangila, kuma shugaban masu gwajin ya zauna da darakta ya bi shafi biyun da Hausa, don rahoton da Turanci ya zo. Wanda zai ɗauki irin wannan kamfani ya nemi samfurin taƙaitaccen bayaninsu da aka goge sunaye, ya ba akantansa ya karanta, ya ga ko zai iya faɗin abin da za a fara gyarawa da dalili.