Na sayi manhajar mayar da waƙa 320 kbps, ga abin da ta yi wa waƙoƙin bikinmu

Masu wannan manhaja sun yi tallar abin da ba za su iya ba, kuma da wannan tallar suka karɓi kuɗina. Ba zan ambaci sunanta ba, ire-irenta sun cika waya, duk alƙawarinsu ɗaya ne: ka kawo tsohuwar waƙa mai dusasshen sauti, su ɗaga maka ita zuwa 320 kbps, wato yawan kilobit ɗin da waƙa ke ci a kowace daƙiƙa, ta fito tangaran. Kuɗin ma kun san yadda suke cirewa duk wata.

Abin da na ba ta shi ne waƙoƙin da makaɗa suka yi a bikin yayata shekarun baya, da kalangu da tafi da guɗar mata. Mai sautin da ya naɗa ya tura mana su ne a memori, MP3 mai 64 kbps, don a lokacin kowa tattalin wuri yake yi a waya. Yanzu bikin autarmu ya matso, Hajiya ta ce tana so a saka su a manyan sifiku ranar kamu. A waya ba laifi, ana jin su. Amma da na jona su a sifika babba sai tafin nan ya koma wani shuu kamar ana watsa ruwa, muryar zabiya kuma ta toshe, duk inda ta furta "s" ko "ts" sai ka ji ya cakuɗe.

Manhajar ta yi aikinta cikin sauri, wannan kam ba zan hana ta ba. Kaset ɗin gaba ɗaya awa guda ne, nauyinsa kusan megabait 29. Da ta gama ya koma megabait 144, ta rubuta 320 kbps ɓaro-ɓaro a jikin kowane fayil. Da farko har na ji kamar ya gyaru, ashe ƙara ta ɗaga masa, kuma kunne yana saurin ɗaukar abu mai ƙara a matsayin mai kyau. Da na daidaita ƙarar tsohon da sabon na saurare su ɗaya bayan ɗaya, wallahi shuu ɗin nan yana nan daram, muryar ma a toshe take kamar da.

Na kai wa wani abokin ƙanena da ke aiki a situdiyo. Bai ma tsaya saurare ba, ya buɗe fayilolin biyu a wata manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek, wadda ke zana hoton sauti, ƙananan muryoyi a ƙasa, sirara masu tsini a sama. A tsohon fayil, launi ya tsaya cak a wajen 11 kHz, wato ma'aunin tsinin sauti, daga nan zuwa sama baƙi ƙirin. A sabon da na biya kuɗi, layin yana wuri ɗaya, baƙin ma iri ɗaya. Sai ya ɗauko wata waƙa da shi da kansa ya fitar a 320 daga asalin naɗi, launinta ya haura har wajen 20 kHz, wato iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke ji. Ya ce, "Yaya, lambar da ke jikin fayil ba ta shaida. Wannan layin shi ke faɗa maka inda waƙa ta taɓa bi."

Bayanin da ya yi min shi ya ƙara ɓata min rai da masu manhajar, don babu yadda za a yi a ce ba su sani ba. Sautin faifan CD yana cin kilobit 1411 a kowace daƙiƙa. Kafin a matse shi ya koma 64, sai an zubar da mafi yawansa, abin da ake ajiyewa bai kai kashi biyar cikin ɗari na nauyin farko ba. MP3 yana fara zubar da abin da ya ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, misali siririn sautin da bugun ganga ya danne. Idan wuri ya ƙure masa, kamar a 64, sai ya sare sama gaba ɗaya, sauran da ya bari kuma ya riƙa auna shi da kintace. Tafi yana cikin abubuwan da suka fi ba shi wuya, saboda bugu ne gajeru masu kaifi barkatai, shi ya sa namu ya narke. Abin da aka zubar ba a ɓoye shi a wani lungu na fayil ɗin ba, ba a rubuta shi ba sam. In ka tankaɗe gari ka watsar da tsakin, ko a wane babban kwano ka juye shi tsakin ba zai dawo ba.

To me manhajar ta yi da megabait 115 da ta ƙara? Ta warware tsohon MP3 ɗin ya koma sauti, da duk lahaninsa, sannan ta sake matse shi. A wannan karon tana da wuri isasshe, sai ta yi amfani da shi wajen kwafe lahanin da kyau, domin ba ta da hanyar bambance shuu ɗin da matsi ya haifar da tafin gaske, duka sauti ne a wurinta. Kuma tunda matsi na biyu ma zubarwa yake yi, ko da kaɗan ne, sabon fayil ba zai taɓa fin tsohon ba, iyakarsa ya kusa kamo shi. Na tambaye shi ko da WAV ko FLAC, nau'ikan fayil da ba sa zubar da sauti, na mayar da su fa? Ya ce nan ba za a ƙara asara ba, amma ba ribar komai, sai dai awa gudan nan ta ci min sama da megabait 600 a WAV.

In don adalci ne, manhajar tana da amfaninta. Ta yanke min dogon surutun sanƙira da ke farkon kaset, kuma na san mai rediyon mota da ba ya karanta komai sai MP3 zai ji daɗinta in an turo masa wani nau'in fayil. Da wannan suka tallata, da tauraro uku zan ba su ban yi ƙorafi ba.

Amma duk sanda na tuna abin da ta rubuto bayan ta gama sai raina ya sake ɓaci. Tambayata ta yi ko in goge tsofaffin fayilolin don in sami wuri. Ban goge ba, amma mutum nawa ne za su danna eh, suna ganin ai sun sami wanda ya fi? Wanda ya goge ya rabu da kwafinsa mafi kusa da asali ke nan, ya riƙe mai nauyi ninki biyar. Ga datar da na ƙona wajen tura wa 'yan'uwa megabait 144, su ma suka ƙona tasu wajen saukewa.

Yaron situdiyon ne ya ce in nemi wanda ya naɗi bikin, ko Allah zai sa asalin yana hannunsa. Na same shi da ƙyar, aka yi sa'a rabin waƙoƙin suna nan a tsohuwar kwamfutarsa a WAV. Daga nan aka fitar min da su a 192 kbps kawai, kuma a sifikar nan dai tafi ya fito ɗai-ɗai, kalangu yana magana, har Hajiya ta gane guɗar ƙanwarta a ciki. Sauran rabin da suka ɓata, tsohon 64 ɗin za mu saka yadda yake, sai dai ya ce a ɗan rage ƙara in an zo kansu.

Tauraro ɗaya na ba su, na kuma soke biyan wata-wata. Na rubuta musu cewa su cire maganar gyara sauti daga tallarsu, har yanzu ba su amsa ba.