Agogon sallah da sahur: wanne ya kamata ka saya?

Jama'a, in don sallah da azumi za ku sayi agogo, abu ɗaya za ku fara dubawa, shin agogon da kansa yake lissafa lokaci ko kai za ka riƙa saita masa? Domin alfijir ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau nan gobe ya ɗan gusa. Agogon ƙararrawa na gama-gari nan ya faɗi, inda ka aje shi nan za ka same shi har ƙarshen wata. Simatwoc kuwa caji kullum, kuma masu arahar saƙon waya kawai suke maimaitawa, bulutut na yankewa shi ke nan ba kiran sallah.

Ni dai wallahi agogon sallah na asali nake so, irin su Alfajr. Ka zaɓi garinka, shi zai riƙa matsar da lokutan kullum ba ruwansa da data, batir kuma ya daɗe. Amma fa sai ka saita tsarin lissafi daidai, nan ne mutane ke tafka kuskure. Muslim World League na ɗaukar alfijir lokacin da rana take digiri 18 ƙasa da inda take ɓullowa, Umm al-Qura 18.5, tsarin Masar 19.5, tsarin ISNA na Musulmin Arewacin Amurka kuwa 15. Kowane digiri ɗaya kusan minti 4 ne, a ƙasashen da suka yi nisa da tsakiyar duniya ma ya fi haka. To ka ga in masallacinku na bin tsarin Masar kai kuma agogonka na kan ISNA, kana nan kana sahur hankali kwance alhali an kira assalatu da minti 18 ko fiye. Ɗauko jadawalin masallacinku ka gwada, tsarin da ya yi daidai da asuba da isha'i shi za ka bari. La'asar ma duba, in tana kan Hanafi za ta makara sosai. Sai ka sa ƙararrawar sahur kamar minti 40 kafin alfijir, kwanan watan Hijira kuma ka gyara da hannu ya bi ganin wata. Mai amfani da manhajar sallah a waya ya kashe Do Not Disturb, ya cire ta daga tanadin batir, in ba haka ba waya za ta kashe ta cikin dare.

Sai jabu, Allah ya raba mu da su. An taɓa sayar min da wani, kwali tsaf, suna tsaf, ashe lokutan a daskare suke. Kar ka biya sai ka gwada a gaban mai kaya, canza kwanan wata zuwa wata uku gaba ka ga ko asuba ta motsa, canza gari ka ga ko magariba ta canza. Saita ƙararrawa ta buga a kunnenka, wasu ƙararsu ko jariri ba za ta tayar ba. In ya ce kar a buɗe kwali ko babu takardar garanti, mayar masa da kayansa ka yi gaba.